Lissafin sinadarin kankare: nawa ake zubawa a kowane kwaɓi?

Sinadarin da ake ƙara wa kankare, wanda magina suka fi kira da kemikal, ana auna shi ne da nauyin simintin da ke cikin kwaɓin. Yashi da tsakuwa da ruwa ba sa shiga lissafin. Dalili kuwa shi ne aikin sinadarin a kan ƙwayoyin siminti yake. Mai sassauta kwaɓi, alal misali, yana manne wa ƙwayoyin ne ya hana su dunƙulewa, sai ruwan da suka riƙe a tsakaninsu ya saku, kwaɓin ya yi laushi ba tare da an ƙara masa ruwa ba. Idan siminti ya ƙaru, ƙwayoyin da za a lulluɓe sun ƙaru, don haka sinadarin ma sai ya ƙaru.

Kamfanin da ya yi sinadarin yana rubuta adadin da ya dace a jikin jarka ko a takardar bayanin kayan, galibi a matsayin kaso cikin ɗari na nauyin siminti. Ba kasafai yake ba da lamba guda ba. Yakan ba da iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, ya bar wa injiniyan aiki ya zaɓi abin da ya dace da simintinsa da yashinsa da zafin wurinsa. Ana yin wannan zaɓi ne da kwaɓin gwaji kafin ranar zuba kankare. Lissafin da ke biye ya ɗauka cewa an riga an yi gwajin, an tsaya a kan kashi 0.8 cikin ɗari.

Matakin farko shi ne sanin nauyin simintin kwaɓi ɗaya. Buhun siminti kilo 50 ne. Injin kwaɓa da ake zuba masa buhu biyu a kowane zagaye yana ɗauke da kilo 100. Daga nan sai a fitar da nauyin sinadarin:

```
nauyin sinadari = nauyin siminti × kaso ÷ 100
100 × 0.8 ÷ 100 = 0.8 kg
```

Wato giram 800 ke nan a kowane kwaɓi. Da a kan sikeli ake auna sinadarin, da lissafi ya ƙare a nan. Amma yawancin sinadaran ruwa-ruwa ne, kuma a wurin gini da kofi ko gora ake awonsu, saboda haka dole a mayar da nauyin zuwa lita.

A wannan mataki na biyu ne aka fi yin tuntuɓe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, shi ya sa mutane suka saba ɗaukar kilo da lita abu guda. Sinadarin kankare ya fi ruwa nauyi. Akwai masu sassauta kwaɓi da litarsu ke kai kusan kilo 1.2, akwai kuma na zamani da ba su wuce kilo 1.1 ba, kuma takardar kamfanin tana faɗin nauyin lita ɗaya na kowanne. A ce na wannan aiki kilo 1.2 ne:

```
lita = nauyin sinadari ÷ nauyin lita ɗaya
0.8 ÷ 1.2 = 0.667 L
```

Abin da za a zuba a kwaɓin buhu biyu shi ne mililita 667, kashi biyu cikin uku na lita. Wanda ya tsallake wannan rabawa ya auna mililita 800 ya zuba giram 960, ya wuce ƙa'ida da kashi ɗaya cikin biyar. Ƙa'idar kankare ta ƙasashen Turai, EN 206, kuskuren awo na kashi 5 cikin ɗari kawai ta yarda da shi a irin wannan sinadari. Sai dai a lura da yadda kamfanin ya rubuta adadinsa: wasu suna ba da shi ne kai tsaye a lita ko mililita ga kowane kilo 100 na siminti. Idan haka aka rubuta, ba a sake rabawa da nauyin lita, domin an riga an yi.

Hanya ɗaya ce ga babban aiki. Kankaren da ke cin kilo 350 na siminti a kubik mita ɗaya, wato buhu bakwai, yana buƙatar kilo 2.8 na sinadarin, lita 2.33 ke nan. Inda aka gauraya siminti da tokar gawayin tashar wutar lantarki ko garin kashin ƙarfe, sai a duba takardar a ga ko kason na siminti ne kaɗai ko na garin gaba ɗaya. Yawanci na gaba ɗaya ake nufi.

Kuskure mafi muni shi ne ɗora kason a kan nauyin kankaren duka. Wannan mita ɗaya ta kankare tana kai kusan kilo 2,400, kuma kashi 0.8 na wannan nauyi kilo 19.2 ne, kusan ninki bakwai na abin da ake buƙata. Irin wannan kwaɓi ba ya ɓoye kansa. Tun a baro ake ganin tsakuwa ta nutse ƙasa, ruwan siminti ya taso sama, kwaɓin ya rabu gida biyu. Washegari a tarar bai kama ba, a danna shi da yatsa ya lotsa, wani lokaci ya yi kwanaki a haka, katako ba ya ciruwa, aiki ya tsaya. Ƙarancin sinadari kuma ya fi wuyar ganewa, kuma ta wata fuska ya fi haɗari. Kwaɓin yakan fito da tauri, ya ƙi shiga tsakanin rodi, sai mai injin ya ƙara bokitin ruwa don leburori su samu sauƙi. Dekin zai yi kyau a ido, amma ƙarfin da aka sayi sinadarin dominsa ya tafi da wannan bokiti.

Sinadarin kansa yana ɗauke da ruwa. Idan kashi 40 cikin ɗari nasa ne ainihin maganin, sauran 60 ruwa ne, to kilo 2.8 ya kawo lita 1.68 na ruwa cikin kwaɓin. A kan lita 175 da irin wannan kankare zai iya sha, wannan bai taka kara ya karya ba. EN 206 ta ce sai sinadaran ruwa-ruwa sun haura lita 3 a mita ɗaya ta kankare ne ya wajaba a lissafa ruwansu. Da an ɗaga kason zuwa 1.5, sinadarin zai zama kilo 5.25, kusan lita 4.4, ruwan cikinsa ya haura lita 3, kuma sai an rage shi daga ruwan kwaɓi.

Lissafin takarda yana aiki ne idan kwaɓin bai canza ba. Buhun da ya fashe ya zube a hanya bai kai kilo 50 ba, kuma kwaɓin ƙarshe na yini sau da yawa buhu ɗaya ne, wanda rabonsa mililita 333. Shi ya sa a wurin aiki mai tsari ake auna mililita 667 sau ɗaya da kofin awo mai lambobi, a juye a gora mai haske, a ja layi a inda ya tsaya, a ja wani layin don buhu ɗaya, a damƙa gorar a hannun mutum guda. Ana girgiza jarkar kafin a ɗiba, musamman wadda ta daɗe a ajiye. Ba a zuba sinadarin a kan busasshen siminti ko busasshen yashi, domin za su shanye shi a wuri ɗaya. Ana haɗa shi ne da kashin ƙarshe na ruwan kwaɓi, bayan kayan sun jiƙe, sannan a bar injin ya juya sosai har launin kwaɓin da laushinsa su zama ɗaya kafin a juye.