Riba a Allo, Haɗari a Ɓoye: Yadda Ake Tattara Cinikin Kirifto a Jadawali Ɗaya

Mai cinikin kirifto da ya ɗan jima a harkar da wuya ya tsaya a dandali ɗaya. Yana da asusu a Binance, wani a Bybit, wataƙila na uku a OKX. Da dalilinsa: tun da FTX ta durƙushe a watan Nuwamba na 2022 da kuɗin jama'a a ciki, mutane suka daina tara dukiyarsu wuri guda. Sai dai rarrabawar ta zo da nata ciwon kan. Kowace manhaja abin da ke cikinta kawai take nunawa, babu wadda za ta gaya wa mutum jimillar nauyin da ya ɗora wa kansa. Wannan giɓin ne jadawali ɗaya, a Google Sheets ko Excel, yake cikewa.

Tsarinsa ba shi da wuya. Duk cinikin da aka buɗe ba a rufe ba yana samun layinsa guda. A rukunin A a rubuta sunan dandali, a B sunan kuɗin, a C yawansa, a D farashin da aka shiga, a E farashin yanzu, a F kuma kuɗin da dandali ya cira. Dabarar da ke riƙe da komai tana rukunin C: idan mutum ya saya yana jiran farashi ya tashi, abin da manhaja ke kira Long, sai ya rubuta adadin yadda yake, idan ya sayar yana jiran farashi ya faɗi, wato Short, sai ya sa alamar ragi a gabansa. Da wannan alamar, lissafi ɗaya ya wadatar ga duka biyun. Riba a G, girman ciniki a H:

```
=C2*(E2-D2)-F2
=C2*E2
```

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai ciniki huɗu. A Binance ya sayi BTC 0.05 da kuɗin hannu a kan dala 60,000, yanzu farashi ya kai 64,000, ribarsa dala 200. A Bybit ya sayar da BTC 0.03 a kasuwar fiyucas a kan 62,000, farashi ya haura masa, yana asarar 60. A Bybit ɗin dai ya sayi SOL 10 a kan 150, ta sauko 140, asarar 100. A OKX ya sayi ETH ɗaya a kan 3,000, ta kai 3,150, ribar 150. Idan aka ajiye kuɗin dandali gefe aka haɗa, yana da ribar dala 190. Da yawa a nan suke rufe kwamfuta su tafi shan shayi.

Amma rukunin H ne ke ɗauke da ainihin labarin. Girman cinikin huɗu a farashin yanzu shi ne 3,200, da 1,920 mai alamar ragi, da 1,400, da 3,150. Hanya biyu ake tara su. Idan aka bar alamar ta yi aikinta, sayarwa ta rage saye, za a sami dala 5,830. Wannan ne ke nuna abin da zai faru idan kasuwa gaba ɗaya ta karkata gefe guda, kuma kuɗaɗen kirifto sun saba faɗuwa tare: in duka suka sauka da kashi 10 cikin ɗari, mutumin ya rasa dala 583, wato ribarsa ninki uku. Idan kuma aka yi watsi da alamar aka tara komai, za a sami 9,670, jimillar abin da yake juyawa ke nan. Lissafi na farko a ƙasa yana ware kuɗi ɗaya daga duk dandalin da yake, na biyu yana ba da jimillar:

```
=SUMIF(B:B,"BTC",H:H)
=SUMPRODUCT(ABS(H2:H50))
```

To nawa ne nasa na gaske? A ce ya zuba dala 500 a Bybit, bayan asarar 160 saura 340. Ya zuba 400 a OKX, da riba ta zama 550. Da 3,200 na Binance, jarinsa duka 4,090. Ke nan yana juya abin da ya ninka jarinsa fiye da sau biyu, alhali babu manhajar da ta taɓa nuna masa wannan adadin.

Inda jadawali ya fi yaudarar mai shi shi ne wajen BTC. Ya sayi 0.05, ya sayar da 0.03, lissafi ya ce saura 0.02, dala 1,280 kacal, sai ya ga kamar ya kare kansa. A takarda haka ne. Amma Bybit ba ta san da asusun Binance ba, kuma ba ruwanta da shi. A ce BTC ta tashi da kashi 15 cikin ɗari, SOL ba ta motsa ba. A Binance ya ci dala 480, a Bybit ya yi asarar 288 daga cikin 340 da suka rage. Saura 52 suna tallafe da ciniki biyu, kuma da zarar jingina ta sauka ƙasa da mafi ƙarancin abin da dandali ya gindaya, zai rufe cinikin da ƙarfi, abin da 'yan harkar ke kira likwideshan. Mutumin yana cikin riba a jimla, amma an share masa asusu ɗaya yana barci. Shi ya sa jadawalin kirki yake buƙatar wani ƙaramin sashe da zai nuna, dandali bayan dandali, girman ciniki a gefen kuɗin da ke wurin. A misalin nan Bybit na ɗauke da 3,320 a kan 340, kusan ninki goma.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna lalata lissafi. OKX kan nuna ciniki da adadin kwantiragi, kuma a kwantiragin BTC mai jingina da USDT kowane ɗaya BTC 0.01 ne, wanda ya ga 3 ya kwafe 3 ya kumbura cinikinsa sau ɗari. Farashin 1000PEPE na guda dubu ne, ba na guda ɗaya ba. Kwantiragin da jinginarsa kuɗin kirifton ne da kansa, lissafin ribarsa daban yake, bai kamata a cusa shi cikin wancan ba. Sannan akwai kuɗin da masu saye da masu sayarwa ke biyan juna a fiyucas, galibi duk awa takwas. A kashi 0.01 cikin ɗari, wancan cinikin ETH na cin kusan dala 28 a wata, in dai masu saye ne ke biya. Wanda ya bar rukunin F babu komai ba zai ga inda suka zurare ba.

Farashin rukunin E ma yana son kula. A Google Sheets, `=GOOGLEFINANCE("CURRENCY:BTCUSD")` yana kawo farashin BTC, amma yana iya makara har minti 20, kuma ƙananan kuɗaɗe da yawa ba sa ciki. Dandalin kuwa da abin da yake kira Mark Price yake yanke hukuncin rufe ciniki, don haka shi ya fi dacewa a kwafa. Mai son adadin ya riƙa shigowa da kansa zai buƙaci mabuɗin API, kuma ya zama na karatu kawai, babu izinin ciniki ko cire kuɗi, domin jadawali abu ne da ake turawa aboki ba tare da an yi tunani ba.

Hanyar gane ko jadawalin na faɗin gaskiya ita ce gwada shi da manhaja. A ɗauki kuɗin da aka zuba a dandali ɗaya, a haɗa da ribar da jadawali ya lissafa, har da ta cinikin da aka riga aka rufe, a duba ko ya yi daidai da jimillar da ke allon. Bambancin dala ɗaya ko biyu yawanci ratar farashi ce. Idan ya kai gommai, to akwai cinikin da aka rufe rabinsa ba a gyara rukunin C ba, ko an ƙara saye ba a sake fitar da matsakaicin farashin shiga a D ba.