Idan Injin Tikiti Ya Ƙi Katinka a Landan

Matafiyi ya sauka a filin jirgin sama na Heathrow, ya jawo akwatinsa zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya zura katin bankinsa a injin sayar da tikiti, sai allon ya rubuta masa "Declined". Akwai kuɗi a asusunsa, ga layin mutane a bayansa, ga gajiyar tafiya. Yawancin mutane a wannan hali sukan sake zura katin, su sake, har su rikice su buga lambar sirri ba daidai ba. Wannan kuwa shi ne abin da ya fi kamata a guje wa, domin kuskuren lambar sirri sau uku a jere yakan toshe kati gaba ɗaya, har a shago ma ya daina aiki.

Abin da ya dace shi ne mutum ya koma gefe ya tambayi kansa: wane ne ya ƙi? Injin da ke gabansa, ko bankinsa na gida? Maganin kowanne daban ne.

Duk lokacin da aka zura kati, injin yakan fara duba ko ya san irinsa. Idan ya san shi, sai ya aika tambaya ta hanyar kamfanin da tambarinsa ke jikin katin, kamar Visa ko Mastercard, har ta isa bankin da ya bayar da shi a Kano ko Yamai. Can ne ake cewa eh ko a'a. Don haka katin da aka yi domin amfanin cikin gida ba ya ko wuce matakin farko. Katin Verve da ke cire kuɗi a kowane lungu na Najeriya ba abin dogaro ba ne a tashar Landan, haka ma katin da tambarin GIM-UEMOA kaɗai ke jikinsa, wanda aka yi shi domin ƙasashe masu amfani da sefa. Duba tambarin tun kafin a bar gida, ya isa ya raba gardama.

Idan kuwa katin Visa ne ko Mastercard, to galibi matsalar daga gida take. Mutanen Najeriya sun san wannan labarin. A shekarar 2022, da dala ta yi wuya, bankuna da dama suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe ƙofar kwata-kwata. Sai a watan Yulin 2025 wasu daga cikinsu suka sake buɗewa, kowanne da iyakar da ya ƙayyade. Ban da wannan, akwai katin da sai mai shi ya kunna izinin amfani a ƙasar waje ta manhajar banki, akwai kuma tsarin kama 'yan damfara wanda yakan ga kati jiya a Kaduna, yau a Landan, sai ya tsayar da shi har a tabbatar mai shi ne ke riƙe da shi.

Gane wanda ya ƙi ba wuya. A buɗe manhajar banki ko a duba saƙon da ya shigo waya. Idan banki ya nuna an yi yunƙurin cire kuɗi an hana, to tambayar ta isa gida, can aka ƙi, kuma canza inji ba zai amfana da komai ba. Idan babu wata alama, sai a gwada katin a wani shago kusa, ko da ruwan gora ne a saya. Ya yi aiki a shago, laifin na injin ne, sai a koma wani ko a nemi ma'aikaci. Wani lokaci kuma akan ga an cire kuɗi alhali tikiti bai fito ba. Yawanci riƙe kuɗin aka yi, yakan dawo bayan wasu kwanaki, amma maimaita gwaji na iya sa a riƙe su sau biyu ko uku, mutum ya cinye iyakarsa ta wata bai hau komai ba.

To, abin da baƙo da yawa ba su sani ba shi ne, a Landan injin tikitin ma ba dole ba ne, kuma tikitin takarda shi ne hanya mafi tsada. A farashin 2025, tafiya ɗaya a tsakiyar birni da tikitin takarda fam 7 ce, alhali wanda ya taɓa kati a ƙofar shiga ba ya kai fam 3. Tun 2014 hukumar sufurin birnin, TfL, ta ba da damar a yi amfani da katin banki kai tsaye a ƙofofin jirgin ƙasa. Katin da ke da alamar 'yan layuka huɗu masu lanƙwasa, ana ɗora shi a kan faifan rawaya da ke jikin ƙofa, galibi takan buɗe. Waya mai Apple Pay ko Google Pay ma haka. Yakan faru katin da injin ya ƙi ya buɗe ƙofa, don haka gwadawa ba asara.

Sai dai akwai wani abu a nan da ke ruɗa mutane. Ƙofar ba ta cire kuɗin tafiya nan take. Tana rubuta inda aka shiga da inda aka fita ne, sai ranar ta ƙare a haɗa lissafi a nemi kuɗin gaba ɗaya daga banki. Idan bankin gida ya ƙi biya, sai a sa katin a jerin waɗanda aka dakatar. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa katinsa ya yi aiki ɗazu, yanzu ƙofa ta ƙi buɗewa. Ba lalacewa ya yi ba, bashi ake binsa, kuma sai an biya ta shafin TfL ko ta wayarsu kafin ya dawo aiki.

Ga wanda katinsa ya ƙi ta kowace fuska, mafita ita ce katin Oyster, wanda ake amfani da shi tun 2003. Kati ne na sufuri kawai, ba ruwansa da banki. Ana sayensa, a zuba masa kuɗi, a riƙa taɓawa kamar yadda ake yi da na banki, kuma farashin tafiya ɗaya ne. Kuɗin katin kansa ya koma fam 10 a watan Satumban 2025, ba a kuma mayar da su. An rufe ofisoshin sayar da tikiti na tashoshin ƙarƙashin ƙasa tun 2015, don haka sai a nemi injin da ke karɓar tsabar kuɗi, domin ba dukansu ke karɓa ba, ko a je ƙananan shagunan unguwa masu alamar Oyster a ƙofa, inda mutum ne zai karɓi kuɗinka hannu da hannu.

A nan ne tsabar kuɗi ke da muhimmanci, amma a kula da irin wadda aka riƙo. Wanda zai sayi fam a hannun 'yan canji, ko a Wafa ne ko a Abuja, ya tabbatar an ba shi ta roba. Tsofaffin takardun fam 20 da fam 50 sun daina aiki tun 30 ga Satumban 2022, inji ba zai karɓa ba, mai shago ma haka. Kuma a nemi ƙanana, 'yan biyar-biyar da goma-goma da ashirin, domin takardar hamsin wahalar kashewa gare ta. Kada kuma a ɗauka cewa tunda akwai kuɗi a aljihu za a iya tsallake duk wannan a hau bas. Bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi tun watan Yulin 2014. Ko ka miƙa wa direba, ba shi da inda zai saka.

Mu ɗauki misalin mata da miji da ɗansu ɗan shekara takwas da suka sauka Heathrow, masaukinsu na kusa da King's Cross. Katin mijin na dala ya buɗe ƙofa, na matar na naira ya ƙi. Mijin ba zai iya taɓa nasa ya miƙo mata ba, domin kati ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka a tafiya. Sai ta je injin da ke karɓar kuɗi ta saka fam 30, goma na kati, ashirin na tafiya. Yaron ba ya biya, domin yaro ƙasa da shekara 11 kyauta yake shiga tare da babba, sai su bi ta ƙofa mai faɗi da aka tanada don masu kaya da yara. Layin Piccadilly zai kai su King's Cross ba tare da canji ba, kuma ya fi Heathrow Express araha nesa ba kusa ba. Da sun isa, kowa ya sake taɓa abin da ya shiga da shi. Idan mijin ya shiga da katin roba ya fita da wayarsa, ko da asusu ɗaya ne, tsarin zai ɗauke su mutum biyu da ba su kammala tafiya ba, ya caje shi mafi tsadar farashi sau biyu. Haka kuma kada ya ɗora walat ɗinsa gaba ɗaya a kan faifan, don ƙofa na iya ɗaukar katin da bai yi niyya ba.

Washegari idan suka hau bas, taɓawa ɗaya ce lokacin shiga, ba a taɓawa a sauka. A 2025 kuɗin fam 1.75 ne, kuma duk bas ɗin da aka sake hawa cikin awa ɗaya ba a ƙara biya. Akwai kuma iyakar da ba a wucewa a rana, wadda ta kasance fam 8.90 ga mai zirga-zirga a shiyya ta 1 da ta 2. Amma wannan rangwame sai ga wanda ya tsaya a kan kati ɗaya tun safe har dare.

Idan babu tsabar kuɗi kuma katin yana aiki a injin cire kuɗi, sai a cire fam a sayi Oyster. Allon zai iya tambaya ko a lissafa maka da kuɗin katinka ko da fam. Zaɓi fam, domin canjin da mai injin ke yi ya fi na banki tsada a mafi yawan lokaci.

Abu ɗaya da ba na ba kowa shawara shi ne bin bayan wani a kutsa ƙofa don kati ya ƙi. Tarar fam 100 ce, tana komawa 50 idan an biya cikin kwana 21, kuma ana iya kai mutum kotu, abin da baƙo mai biza bai kamata ya kusanta ba. Ma'aikata na tsaye a bakin ƙofa, sun saba ganin irin wannan kullum, kuma nuna maka injin da ke karɓar kuɗi aikinsu ne.

Kafin ranar tafiya, ka je bankinka ka tambaya ko katinka na aiki a waje da nawa ne iyakarsa, ka bar layin wayarka na gida a kunne don saƙonnin banki su riƙa shigowa, ka riƙi kati na biyu daga wani banki idan da hali, sannan ka ware kamar fam 50 a ƙananan takardu a aljihun da hannu zai kai ba sai an buɗe akwati ba.