Mai Da Tunkuza: Wa Zai Ɗauki Kuɗin Gyaɗar?

Buhun gyaɗa ɗaya ake saya, a soya, a murje, a kai inji, a dawo a yi ta juya ƙullin ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Daga nan abu ɗaya ya zama biyu, ga mai, ga tunkuza. Wannan gaɓa ita ce mararraba a wurin masu lissafin kuɗin sana'a. Duk abin da aka kashe kafin a iso ta kuɗin tarayya ne, domin ba wanda zai iya nuna wace naira ce ta haifi mai, wacce ta haifi tunkuza. Amma dole a raba, in ba haka ba ba za a san a nawa litar mai ta tsaya ba, balle darajar kayan da suka kwana a ƙarshen shekara.

Bari mu yi misali da alkaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi, ba farashin Dawanau na yau ba. Wata mai sana'a ta kashe naira 102,000 a kan gyaɗa, itace, niƙa da ƙwadago. Ta samu mai lita 30 da tunkuza kilo 63, sai ɗan ɓawon da aka feƙe.

Da ɓawon ake fara sallama, tunda ba dominsa aka hura wuta ba. Masu kiwo sun saya a 2,500, buhu da dako sun ci 500, saura 2,000. Irin wannan rarar ba a ɗora mata komai, ana cire abin da ta kawo ne daga kuɗin tarayya. Ƙa'idar lissafin kaya ta duniya, IAS 2, ta yarda da hakan muddin rarar ba ta taka kara ta karya ba. Abin rabawa ya koma 100,000.

Hanyar da ta fi saurin zuwa rai ita ce sikeli. Lita 30 na man gyaɗa wajen kilo 27 ne, don haka tunkuza ce kashi 70 cikin ɗari na nauyin, sai ta ɗauki 70,000. Nan ake shiga ruɗu, domin nauyi daban, daraja daban.

Hanyar da ta fi adalci tana tambaya ne: nawa kowane kaya zai kawo a ƙarshe, bayan an cire abin da za a ƙara kashe masa shi kaɗai daga mararraba zuwa hannun mai saye? Man zai kawo 90,000, lita a 3,000, amma kwalabe da dako za su ci 6,000, saura 84,000. Tunkuzar in ta zama ƙuli-ƙuli za ta kawo 50,000, amma itacen suya, gishiri, yaji, leda da ladan masu mulmulawa za su ci 14,000, saura 36,000. Jimla 120,000, mai na da kashi 70, tunkuza 30. Mai ya ɗauki 70,000, tunkuza 30,000. Ribar mai 14,000, ta ƙuli-ƙuli 6,000, kuma litar mai ta tsaya a wajen naira 2,533.

Da an bi sikeli, da littafi ya nuna ƙuli-ƙuli ya faɗi da 34,000, mai kuma ya ci 54,000. Ribar gaba ɗaya 20,000 ce ko ta ina aka bi. Amma mai sana'ar da ta ga waccan faɗuwar tana iya rantsewa ta bar ƙuli-ƙuli, alhali tunkuza ba ta daina fitowa ba muddin ana matsar mai.

Sai dai ita ma wannan hanya tana da iyaka, kuma a ganina nan aka fi tuntuɓe. Rabon ba ya faɗa miki ko ki soya tunkuzar ko ki sayar da ita haka. Kuɗin gyaɗa ya riga ya tafi ko wanne kika zaɓa. Idan masu haɗa abincin dabbobi za su biya 30,000 a kan tunkuzar, ki gwada ta da 36,000 kawai: suyar ta ƙara miki 6,000. Ranar da suka taya 38,000, suyar ta zama wahalar banza. Hasali ma, in tunkuza na da tsayayyen farashi a kasuwa, da shi ya fi dacewa a yi rabon tun farko, domin duk ribar da suya ta ƙara wannan hanya tana jingina ta ne ga mararraba.

Akwai kuma rawar farashi. In mai ya yi tsada, kasonsa na kuɗin tarayya ya hau, sai a ga kamar ƙuli-ƙuli ya yi arha wajen yi, alhali ko itace ɗaya ba a rage ba. Wanda ya ɗora farashinsa a kan wannan kaso yana zagaye ne, tunda daga farashin kason ya fito.

Masu sana'ar ma sun san mararrabar ba ta rabuwa tsaf. Tunkuza tana ƙara tsatso mai a cikin kasko lokacin suya. In an juye shi an sayar, a rubuta shi a ɓangaren ƙuli-ƙuli, domin da ba a soya ba da bai fito ba.