Takardar koke: abin da ya kamata a cire kafin a miƙa ta

Yawancin takardun koke ana rubuta su ne lokacin da rai yake a ɓace, kuma babu laifi a hakan, domin wanda ba a cuta ba ba ya zama ya rubuta koke. Matsalar ita ce a miƙa rubutun farko yadda ya fito. A cikinsa ake samun abubuwa uku da suke kashe koke tun kafin a karanta shi zuwa ƙarshe: zagi, da zargin da ba a riƙe da hujjarsa, da zato wanda ya yi shigar gaskiya.

Bari mu ɗauki misali irin wanda ke faruwa kullum. Wani mai sayar da hatsi ya je na'urar cire kuɗi ta wani banki da ba nasa ba, ya nemi naira 20,000 har sau biyu. Na'ura ta yi ƙara kamar tana ƙirga kuɗi, ba ta ba shi ko kwabo ba, sai ga alat biyu a wayarsa cewa an cire naira 40,000. Ya yi ta sintiri a reshen bankinsa, mako uku babu labari. Ranar da haƙurinsa ya ƙare ya sa ɗansa ya rubuta masa wannan:

"Ku ɓarayi ne marasa tsoron Allah. Kun sace mini kuɗi da gangan. Na san kashiyar nan da manaja sun haɗa baki, suna juya kuɗin talakawa suna cin riba. Kullum na zo sai a wulaƙanta ni saboda ban yi boko ba. Haka kuke yi wa kowa. Idan ba ku biya ni ba za ku gani."

Duk wanda ya taɓa rasa jarinsa a irin wannan hanya zai fahimci zafin da ke cikin waɗannan kalmomi. Amma a duba da kyau. Takardar ba ta faɗi ranar da abin ya faru ba, ba ta faɗi ko nawa ne kuɗin ba, ba ta ce ga na'urar da aka yi amfani da ita ba. Jami'in da za ta faɗa hannunsa, ko da yana son taimakawa, ba shi da abin da zai shigar a kwamfuta ya bincika. Kuma kusan kullum ba shi ne ya yi laifin ba. Mutum ne da ke da tarin takardu a gabansa, yana neman wadda zai iya warwarewa.

Zagi shi ne mafi sauƙin ganewa, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. "Ɓarayi", "marasa tsoron Allah", da barazanar "za ku gani" duk a soke su. Babu wani bayani da ya ɓace idan an cire su, sai dai an hana mai karatu dalilin da zai ajiye maganar kuɗi ya koma maganar rashin ɗa'ar mai koke.

Zargi ya fi buƙatar natsuwa. "Kun sace mini kuɗi da gangan" magana ce guda biyu a haɗe. Ta farko ita ce kuɗi sun fita daga asusu kuma ba su dawo ba, wannan yana da hujjarsa a waya. Ta biyu ita ce wani ya yi niyyar hakan, wannan kuwa ba shi da hanyar tabbatarwa. Idan ya bar su a haɗe, ya ba banki amsa mai sauƙi: za a rubuto masa cewa an bincika, babu ma'aikacin da ya saci kuɗinsa. Amsar tana iya zama gaskiya, kuma kuɗinsa na nan ba su dawo ba. Ya yi tambayar da ake iya musantawa, ya bar wadda ba a iya musantawa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin cire zargi ƙarfi yake ƙara wa takarda, ko da mai ita yana jin kamar ya sassauta.

Akwai kuma batun doka. A jihohin Arewa, sashe na 391 na dokar Final Kod ya yi bayanin laifin ɓata suna, sashe na 392 ya tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Dokar ta ba da kariya ga wanda ya kai ƙorafi da kyakkyawar niyya ga wanda ke da ikon duba lamarin. Amma mutumin da ya kama sunan kashiya ya kira ta ɓarauniya a rubuce, ba tare da ya ga komai ba, sannan ya rarraba takardar ga jama'a, ya sa kansa a inda mai koke zai iya komawa wanda ake ƙara.

Inda aikin ya fi wuya shi ne zato, domin shi ba ya zuwa da ihu. Yakan zo da kalmomi masu kama da sani: "na san", "tabbas", "a bayyane yake", "saboda". Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a takardar koke maganar ta zauna daram, tun da ko zaton naka daidai ne, mai karatu ba shi da yadda zai yi aiki da shi. Hanyar kama shi ita ce a bi jimla ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: wannan na gani da idona, ko na ji da kunnena, ko ina da takardarsa? Idan amsar a'a ce, to tunanina ne kawai.

A gwada da "sai a wulaƙanta ni saboda ban yi boko ba". Me ya faru a zahiri? Idan aka zauna da mai hatsin aka tambaye shi a hankali, zai ce ranar Laraba ya shiga layi tun ƙarfe goma, bai kai gaban teburi ba sai bayan azahar. Ma'aikaciyar ta miƙo masa fom da Turanci, ya ce ba ya iya cikewa, ta ce ya je waje ya nemi mai cike masa, ta kira na bayansa. Wannan shi ne abin da ya gani kuma ya ji, kuma ya fi kalmar "wulaƙanci" nauyi nesa ba kusa ba, domin mai karatu zai kai ga hukuncin da kansa. Kalmar "saboda" ce ta shigo da zaton, don ta shiga zuciyar ma'aikaciyar ta faɗi dalilinta. A rubuta abin da ta yi da abin da ta ce, a bar dalilin. Haka "kullum" da "kowa": sau nawa ne kullum ɗin? Sau uku. To a rubuta sau uku da ranakunsu. "Haka kuke yi wa kowa" kuwa a cire, sai idan akwai wasu da za su sa hannu da nasu hujjojin. Da zarar an kama takarda da ƙari a wuri ɗaya, sauran gaskiyar da ke cikinta ma sai a fara shakkarta.

Zaton haɗin baki tsakanin kashiya da manaja ba shi da abin da za a ceto a ciki, sai dai a mayar da shi tambaya. Mai koke yana da haƙƙin ya ce: ina neman a bayyana mini a rubuce inda kuɗin suke da abin da ya hana su dawowa. Tambaya tana tilasta amsa.

Bayan an share duk wannan, ga abin da ya rage, kuma ga abin da aka cike gurbin da shi:

"Ranar Litinin 3 ga Maris 2025, da misalin ƙarfe 11 na safe, na nemi cire naira 20,000 sau biyu a na'urar wani banki da ke bakin kasuwa. Na'urar ba ta ba ni kuɗi ba, amma an cire naira 40,000 daga asusuna. Na haɗa hoton alat ɗin biyu da bayanin asusuna. Na zo reshenku ranakun 5, 12 da 19 ga Maris. Ranar 5 na cike fom, ranar 12 da ranar 19 an ce mini in ƙara jira. Yau 24 ga Maris, kwana 21 ke nan, kuɗin ba su dawo ba. Da su nake saro masara, kuma rashinsu ya sa kasuwa biyu ta wuce ni. Ina neman a mayar mini da naira 40,000, a kuma ba ni lambar wannan ƙorafi a rubuce."

A ainihin takardar zai sa sunan bankin da na'urar take, da lambar asusunsa, da lambar wayarsa. Lambar sirri ta kati kuwa ba a rubuta ta a kowace takarda.

A lura cewa asarar da ya yi tana nan ba a cire ta ba. Wasu idan aka ce su tsaya kan gaskiya sai su bushe takardar har ta zama kamar ba a cuci kowa ba, wannan ma kuskure ne. Kasuwa biyu da ta wuce shi abu ne da ya faru, shi ne kuma shaidarsa. Yana iya ƙarawa da cewa abin ya ɓata masa rai, domin halin zuciyarsa shi ya san shi. Halin zuciyar wani ne ba shi da ikon faɗa.

Wurin da zagi ya bari, ƙa'ida ce ta fi dacewa ta cike shi. A shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su mayar da kuɗin da na'urar wani banki ta riƙe cikin sa'o'i 48. Jimla ɗaya da ta ajiye wannan wa'adi kusa da kwana 21 ta fi shafi guda na baƙar magana tasiri. Maimakon "za ku gani", sai ya faɗi matakin da doka ta ba shi: idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, zai kai ƙorafin sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofisoshi a jihohi, kuma ba a biyan kuɗi kafin ta saurari mutum. Duk inda takardar ta je daga baya, wannan rubutun na farko za a fara nema, shi ya sa ya kamata ya kasance wanda ba za a ji kunyar nuna shi ba.

To, idan da gaske an yi mugun abu fa? A ce wani ma'aikaci ya nemi a ba shi na goro kafin ya duba fayil. Wannan ba a ɓoye shi, kuma faɗarsa ba ƙazafi ba ne. Yadda ake faɗa ne ya bambanta. Ba a rubuta "maciyin rashawa ne". Ana rubuta rana da lokaci, da teburin da yake zaune, da kalmomin da ya furta gwargwadon yadda aka tuna su, da wanda yake wurin ya ji. Idan wani ne ya ba ka labari, ka ce an faɗa maka, kada ka rubuta kamar kana wurin. Sanya wa abin suna aikin mai bincike ne, kuma yakan fi yarda da mutumin da ya bambanta masa abin da ya gani da abin da ya ji a bakin wasu.

Kafin a miƙa, a bar takardar ta kwana, sannan a ba wani wanda bai san maganar ba ya karanta. A tambaye shi: me ya faru, yaushe, nawa ne, me nake nema? Idan ya amsa duka huɗun ba tare da ya nemi ƙarin bayani ba, takardar ta yi. Duk inda ya tsaya ya ce "yaya aka yi ka san wannan?", to akwai sauran zato a wurin, a koma a gyara. Sai a yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, domin daga wannan ranar ake fara ƙirga mako biyun.