An yi ƙarin albashi, amma alat bai kai ba

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 ranar 29 ga Yuli, 2024, ake ta gunaguni a ofisoshi: takarda ta ce an ƙara kaza, alat ya zo da ƙasa da haka, sai a ce masu biyan albashi sun yi rub da ciki da ragowar. Akwai inda ake cuta, amma sau da yawa laifin na takardar ne, wadda ake rubutawa a layi uku ba bayani.

Dalilin ƙarin shi ne farkon abin dubawa. Ƙarin girma daban, matakin shekara daban, gyaran da ke biyo bayan sabon mafi ƙarancin albashi daban. Daga 30,000 zuwa 70,000 ya haura ninki biyu, amma wannan na ma'aikacin da ke can ƙasa ne. Na sama da shi gyara ake yi masa, ba ninkawa ba.

Inda aka fi ruɗewa shi ne lissafin. Adadin da ke takarda jimilla ce kafin a cire komai, kamar buhun shinkafa shanshera da ba a kai inji ba. A ce albashin ma'aikaciya ya tashi daga 100,000 zuwa 120,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari na tushen albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun tashi daga 75,000 zuwa 90,000, kuɗin fanshonta ya koma 7,200 daga 6,000, wato 1,200 sun fita daga ƙarin. Ragowar 18,800 kuma haraji na jiran su. A dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji, abin da ya biyo baya har miliyan 3 kashi 15 ne. Wato 2,820. Abin da zai ƙaru a hannunta bai cika 16,000 ba, tun kafin ƙungiya ta cire nata.

Sai ranar fara aiki, wadda ba ita ce ranar da aka buga a saman takarda ba. Idan an ce ƙarin ya fara daga 1 ga Yuli amma sai a albashin Oktoba aka gan shi, tana bin ariyas na wata uku, 60,000 kafin cire-cire. Takardar da ta ce "nan ba da jimawa ba" ta bar ma'aikaciya ba abin kamawa, kuma abin takaici ne a ce ofishin da ke da jadawalin albashi a gabansa ya kasa rubuta kwanan wata. Kafin ta sa hannu, ta nemi a rubuta mata ranar, da matakinta, da tsohon adadi kusa da sabo, sannan ta gwada su da takardar biyan albashin watan farko.