Kayan da ake yawan dawo maka da su: lalatattu ne ko bayaninka ne bai fito ba?

Masu sayar da caja, iyafis da fawa banki ta WhatsApp a Ƙaura Namoda, musamman ga ɗaliban foliteknik, sukan rubuta abin da suka sayar, amma ba su cika rubuta kuɗin da suka mayar ba. Alhali a nan ne ake gane kayan da ke cinye riba.

Lissafin ba wuya. A Google Sheets na wayarka, ba kowace oda layi guda: rana, sunan kaya, gari, sai ko an mayar da kuɗi. Idan sunan kaya yana B, mayarwa kuma tana D, ga abin da za ka rubuta:

```
=COUNTIFS(B:B,"caja",D:D,"mayar")/COUNTIF(B:B,"caja")
```

A ce ka sayar da caja 80 an dawo da 8, fawa banki 40 an dawo da 6. Da ido, caja ce ta fi matsala. Amma caja kashi 10 cikin 100 ce, fawa banki kuwa kashi 15. Sai dai kada ka yanke hukunci kan kayan da ka sayar guda huɗu kawai. Mutum ɗaya ya dawo da nasa, lissafi ya nuna kashi 25.

Wannan adadi ba ya faɗin dalili. Don haka ƙara gurbi biyu: kwana nawa kayan ya yi a hannun mai saye, da abin da ya ce.

Idan ana dawo da kaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuma yana aiki lafiya, bayaninka za ka duba. Wataƙila ka rubuta "caja mai sauri" ba ka ce bakinta USB-C ba ne, mai saye kuma wayarsa Micro-USB ce. Fawa banki ya fi rikitarwa. Wanda aka rubuta wa 20,000mAh, an auna shi ne a kan bolt 3.7 na batirin ciki, amma yana fitar da wuta a bolt 5. Wato kusan 14,800mAh ke nan, kafin a cire abin da ke tafiya a zafi. Mai wayar 5,000mAh da ka ce wa zai cika ta sau huɗu zai dawo yana cewa jabu ne, ko da kayan na gaske ne. Gyara rubutun ya wadatar.

Lalataccen kaya daban yake bayyana. Yana iya yin mako biyu ko uku kafin a dawo da shi, kuma yawanci daga kwali ɗaya da ka saro. Rubuta ranar sari, za ka gani.

Gurbin gari ma yana da aiki. Idan odar Shinkafi da Zurmi ce ake ta sokewa, alhali ta cikin Ƙaura lafiya, ba kayan ba ne. Mota ce ta makara saboda halin da hanya take ciki, mai saye ya gaji da jira. Cire waɗannan daga lissafi kafin ka kira dilanka na Kano da faɗa.