Daƙiƙa talatin a ƙafa 35,000: abin da ke faruwa idan iskar jirgi ta tsere

Jirgin fasinja da ya tashi daga Kano zuwa Jidda yakan yi mafi yawan tafiyarsa a tsakanin ƙafa 35,000 da 40,000 daga doron ƙasa. A can sanyi yana kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili, kuma da za a fitar da mutum ya zauna a waje, ba zai cika minti guda da hankalinsa ba. Amma fasinja na ciki yana shan shayinsa, wani na barci, wani na jan carbi. Abin da ya raba su da wancan hali shi ne matsin iskar da aka tara a cikin jirgin. Ranar da wannan matsi ya kuɓuce kuwa, abin da ke hannun matuƙa 'yan daƙiƙoƙi ne kawai.

Me ya sa iskar sama ba ta wadatar da mutum

Mutane da yawa suna zaton babu iskar oksijin a can sama. Akwai ta, kashi 21 cikin ɗari, daidai da ta ƙasa. Abin da ya ragu shi ne matsi. Huhu ba ya zuƙo oksijin ya cusa a jini da ƙarfinsa, nauyin iskar da ke kanmu ne yake tura ta ta ratsa cikin jini. A ƙafa 35,000 wannan nauyi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ake samu a bakin teku ba. Mutum zai yi ta numfashi, ƙirjinsa na hawa yana sauka, amma ɗan abin da ke isa jininsa ba zai riƙe ƙwaƙwalwa ba.

Saboda haka ake dunƙule iska a cusa ta cikin jirgi. A yawancin jirage daga injin ake ɗebo ta. Kafin inji ya ƙona mai, sai ya matse iskar da ya zuƙo, to daga wannan matsattsiyar iska ake yanko wani kaso tun ba ta haɗu da mai ba. Tana fitowa da zafin da ya kai digiri 200, sai na'urorin sanyaya iska da ke ƙarƙashin cikin jirgi su huce ta. Daga nan a gauraya ta da kusan rabin iskar da ke ciki, wadda aka riga aka tace, a watsa wa fasinjoji. Jirgi ƙirar Boeing 787 shi ya bambanta, don da na'urar lantarki yake matse tasa iskar. Ko ta wace hanya, cikin kowane minti biyu zuwa uku an sabunta iskar jirgin gaba ɗaya.

Bawul ɗin da ke riƙe da komai

Jirgi ba a toshe yake ruf ba. A can baya, ta ƙasa, akwai wani bawul da iska ke fita ta cikinsa ba dare ba rana. Ɗauki misalin bokiti mai huji a gindi da aka tara wa famfo: ruwa na shiga yana fita, amma in ka rage hujin sai ruwan ya taru, in ka faɗaɗa sai ya ja baya. Haka kwamfutar jirgi take yi da wannan bawul, tana ɗan tsuke shi tana ɗan sake shi, don matsin ciki ya tsaya inda ake so.

Ba a mayar da matsin ya koma irin na ƙasa sak. Doka ta ce a tafiya ta yau da kullum kada iskar ciki ta fi ta tsaunin ƙafa 8,000 sirancewa, wato kusan tudun birnin Addis Ababa. Sababbin jirage irin su 787 da Airbus A350 suna tsayawa wajen ƙafa 6,000. Dalilin wannan tsaka-tsaki shi ne ƙarfin jikin jirgi. Ko a hakan, bambancin matsin ciki da na waje yana danna kowace murabba'in mita ta bango da nauyin da ya haura tan biyar. Da an ƙara, sai an yi wa jirgi bango mai kauri da nauyi. Wannan danni shi ne kuma yake manne ƙofa a mazauninta, ta yadda duk ƙarfin mutum ba zai buɗe ta a can sama ba. Toshewar kunne da ake ji lokacin tashi da sauka kuwa, alama ce ta cewa matsin ciki yana sauyawa a hankali.

In bango ya ɓule

Idan taga ta fashe ko wani sashe ya ɓalle, iskar ciki takan yi waje da ƙarfi har matsin ciki ya daidaita da na waje. Ana jin ƙara mai firgitarwa, ƙura da takardu su tashi, sai wani farin hazo ya cika jirgin. Da yawa sukan ɗauka hayaƙi ne, alhali laimar da ke cikin iska ce ta zama hazo saboda sanyin da ya sauko farat ɗaya.

Daga nan lissafin lokaci ya fara. A ƙafa 25,000 mutum yana da minti uku zuwa biyar da zai iya yin aiki da hankali. A ƙafa 35,000 daƙiƙa 30 zuwa 60 ne. A ƙafa 40,000 bai wuce 15 zuwa 20 ba. In kuma iskar ta fice ne a lokaci guda, wannan ɗan lokaci yana iya raguwa da rabi, domin oksijin da ke cikin jini ma takan juyo ta koma huhu ta fita. Mugun abin shi ne rashin oksijin ba ya zuwa da shaƙewa. Mutum yakan ji jiri da ɗan nishaɗi, yatsu su yi masa tsam-tsam, leɓe da farce su sauya launi, gani ya ƙanƙance, shi kuwa yana ganin lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa matakan farko matuƙi haddace su yake yi, ba ya tsayawa buɗe littafi. Na ɗaya, ya sa takunkumin oksijin. An ƙera nasu yadda hannu ɗaya zai ɗora shi a fuska cikin daƙiƙa biyar, kuma daga tukunyar gas ta daban yake sha. Na biyu, ya tabbatar shi da abokin aikinsa suna jin juna. Sai a duba ko za a iya maido da matsin. In abin ya faskara, a rage wa injuna wuta, a ɗaga allunan birkin iska na kan fukafukai, a sunkuyar da jirgi zuwa ƙafa 10,000, inda mutum zai iya numfashi ba tare da taimako ba. Ana sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage, a kuma sa lambar gaggawa 7700 don a share hanya. In akwai tsaunuka a ƙasa, ba a sauka ƙasa da tsayin da zai tsallake su, kuma tun kafin tashi ake tsara mafita a irin waɗannan hanyoyi.

Takunkuman fasinja suna faɗowa da kansu in iskar ciki ta kai ta ƙafa 14,000. A yawancin jirage babu tukunyar gas a bayansu. Wani ɗan gwangwanin sinadari ne a saman kujera, kuma sai an fizgo takunkumin yake kamawa ya fara fitar da oksijin. Yana yin zafi sosai, har a ji ƙauri, kuma 'yar jakar da ke jikinsa ba lallai ta kumbura ba ko da yana aiki. Kimanin minti 12 yake yi a jirage da yawa, an auna shi ne ya ishi matuƙi ya sauko. Su ma ma'aikatan cikin jirgi umarninsu ɗaya: su cafki takunkumi mafi kusa, su zauna ko su riƙe wani abu, sai jirgi ya daidaita su ɗauki tukunyar hannu su zagaya duba mutane.

Jirage biyu, ƙarshe biyu

Ranar 17 ga Afrilu, 2018, jirgin kamfanin Southwest mai lamba 1380, ƙirar Boeing 737, ya tashi daga New York zuwa Dallas da mutum 149. Yana wajen ƙafa 32,000 sai ruwan fanka ɗaya na injin hagu ya karye. Wani ɓaraguzan murfin injin ya daki taga a layi na 14, ta fashe. Matsaloli uku suka taru wa matuƙa a lokaci guda: inji ya mutu, jirgi ya karkata hagu da digiri 41, ga iska ta tsere. Mataimakin matuƙi Darren Ellisor, wanda tuƙi ke hannunsa, ya miƙar da jirgin, shi da Kyaftin Tammie Jo Shults suka sa takunkumi, suka fara gangarowa. Bayan kimanin minti 17 suka sauka a Philadelphia. Fasinja ɗaya, wadda ke zaune a jikin tagar, ta rasu bayan iska ta ja rabin jikinta waje. Hotunan da aka ɗauka a ciki sun nuna fasinjoji da yawa sun rufe baki kawai sun bar hanci a buɗe. Saurin saukowar matuƙan ne ya rufa musu asiri.

Jirgin Helios mai lamba 522 bai sami haka ba. Ya tashi daga Larnaca ta ƙasar Cyprus zuwa Athens ranar 14 ga Agusta, 2005. Babu abin da ya fashe. Bayan wani gwaji da injiniyoyi suka yi a ƙasa, an bar makunnin matsin iska a kan MAN, wato sarrafawa da hannu, ba a mayar da shi AUTO ba, kuma matuƙan ba su lura ba a duk dubawar da suka yi. Jirgi na hawa, iska na sulalewa. Da ƙararrawa ta kaɗa, sai suka ɗauke ta a matsayin wata ƙararrawar mai sauti iri ɗaya, wadda a ƙasa kaɗai take kaɗawa. Suna ta neman bakin zaren ba su sa takunkumi ba, har hankalinsu ya gushe. Na'urar tuƙi ta kai jirgin ƙafa 34,000, ya yi ta kewaya sararin Athens har mai ya ƙare, ya faɗi kusa da ƙauyen Grammatiko. Duka mutum 121 suka rasu. Daga baya hukumar jiragen sama ta Amurka ta tilasta a ƙara fitilun gargaɗi a irin waɗannan jirage don a bambance ƙararrawar biyu.

Jirgin da ya ji mummunan rauni ya sauka, wanda kuwa lafiyarsa ƙalau ya hallaka, kuma abin da ya raba su shi ne wa ya sa takunkumi a kan lokaci. Wannan darasi bai tsaya kan matuƙa ba. Mai karatu, in ka shiga jirgi, bar bel ɗinka a ɗaure muddin kana zaune. In takunkumi ya faɗo, fizgo shi, ka rufe hanci da baki, ka ja robar ta kama kai. Ka fara da kanka kafin ɗanka, domin yaron da ya suma zai farfaɗo da zarar an sa masa nasa, amma in kai ka riga shi suma, babu mai sa muku ku biyun.